Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga shugabanni da malaman makarantun koyon aikin lafiya na Damagaram

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Malamaina, ina gaishe ku da aiki, ina yi muku ban gajiya. Allah ya ƙara wa ilimi albarka, ya saka muku da alheri kan ɗawainiyar da kuke yi da 'ya'yanmu.

Ni tsohon majo ne, na yi aikina a likitocin ƙauye har na yi ritaya na dawo gida Birni. Ina magana ne da yawun wasu iyaye da muke zaman majalisa da su bayan la'asar, waɗanda suka sayar da tumaki da buhunan hatsi suka sa 'ya'yansu a hannunku. Ina kuma magana da yawun mutanen karkara da za a tura wa waɗannan yara gobe, don su ba su da bakin da zai iso gare ku.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami aikin gida ne guda ɗaya. Ɗiyar ƙanwata, wadda take shekarar farko a ɗaya daga cikin makarantunku, ta kawo mini takardarta tana murna, an ba ta 17 bisa 20. Tambaya biyu ce. Ta farko: a zana yadda ƙwayar cutar masassarar cizon sauro take rayuwa tsakanin mutum da sauro. Ta biyu: a lissafo hanyoyin yaƙi da sauro. Zanen ya yi kyau ƙwarai, har da jan biro da shuɗi, ga hanta, ga jini, ga cikin sauro, kibiyoyi na zagayawa, babu sunan da ta rubuta ba daidai ba. Na yi mata barka. Sannan na ce: "To ɗiyata, yaro ya zo daga ƙauye shekaranjiya, yau jikinsa ya yi zafi, gwaji ya nuna masassarar sauro. Uwarsa ta ce sauron Zinder ne ya kama mata ɗa. Me za ki ce mata?" Ta yi shiru, can ta ce: "Kawu, wannan ba a ba mu shi ba."

An ba su shi. Yana cikin zanen da ta yi da hannunta, sai dai an cire masa abin da yake sa shi magana, wato kwanaki. Na nemi takardun ƙawayenta uku na duba, duka haka suke, babu lamba ko ɗaya a jikin kibiyoyin. Wannan shi ne kukana na farko, kuma sauran duk daga gare shi suka fito.

Ku yi mini haƙuri in maimaita abin da kuka fi ni sani, don iyaye ma za su karanta. Ƙwayar da ta fi addabarmu a nan ita ce Filasmodiyom falsifarom. Macen sauro, irin da ake kira anofel, tana zuba ta cikin fata tare da miyanta lokacin cizo. Kafin awa guda wasu sun isa hanta. A can suke yin kamar kwana 6 zuwa 7 suna hayayyafa, ƙwaya ɗaya tana iya zama dubun-dubatai, kuma duk wannan lokacin mutum lafiyarsa lau, yana noma, yana cin tuwo, gwajin jini ma ba zai ga kome ba. Bayan nan ne suke fashewa cikin jini su shiga jajayen ƙwayoyi. Kowane awa 48 ƙwayar jinin da aka shiga takan fashe, sababbi su fito su kama wasu, yawansu yana ninkuwa kamar sau goma a kowane zagaye. Sai sun taru da yawa jiki yake ɗaukar zafi. Shi ya sa tsakanin cizo da masassara ba a samun ƙasa da mako guda, galibi ma kwana 9 zuwa 14 ne.

Da an rubuta waɗannan lambobi a jikin kibiya, da yarinyar ta ce wa uwar nan: "Inna, da abinsa ya zo, can gida aka cije shi." Amsar tana da amfani, domin ita ce za ta sa a tambayi uwar ina sauran yaran da suke kwana ɗaki ɗaya da shi a ƙauye, kuma akwai sange a ɗakin ko babu.

Ɓangaren sauro kuwa shi ne aka fi yi wa riƙon sakainar kashi, alhali can maganar take. Daga cikin ƙwayoyin da ke jini, kaɗan ne suke rikiɗa su zama maza da mata, waɗanda littafi yake kira gametosit. Su ba sa sa zazzaɓi. Suna ɗaukar kwana 10 zuwa 12 kafin su nuna, sannan su yi makonni suna yawo cikin jini suna jiran sauro ya zo ya sha. In ya sha su, sai su haɗu a cikinsa, su lafe a bangon tumbinsa, su hayayyafa, daga baya 'ya'yan su hau zuwa inda miyansa yake. Wannan tafiya tana cin kwana 10 zuwa 14 a irin ɗumin damina. In sanyi ya yi yawa takan ja, in ya sauka ƙasa da digiri 18 ko kusa da haka sai ta tsaya cak. Ma'ana, sauron da ya ciji mara lafiya yau, in ya ciji ɗanka gobe ko jibi, ƙaiƙayi kawai zai bar masa. Sai ya rayu kusan mako biyu tukuna yake zama makashi. Mako biyu kuwa a rayuwar sauro tsufa ne, yawancinsu ba sa kaiwa.

Na zaunar da ɗiyar tawa muka yi lissafi a bayan kayenta. Na ce ta ƙaddara sauro 100 sun sha jinin mai cuta a dare ɗaya, kuma kowace rana kashi ɗaya cikin goma na waɗanda suka rage yana mutuwa, ƙadangare ya ci wasu, zafi ya kashe wasu, tafin hannu ya samu wasu. Gobe saura 90, jibi 81, gata 73. Ta ci gaba har kwana 12, ta samu 28. Na ce to yanzu a sa sange mai magani a kowane ɗaki na unguwar, yadda macen da take fitowa neman jini duk bayan kwana biyu ko uku za ta riƙa sauka kan magani, mace-macen ya koma biyu cikin goma. Ta sake bugawa: 80, 64, 51, har ta iso kwana 12, ta samu 7. Ta ɗago kai ta dube ni. Ninka mutuwar sau biyu kawai aka yi, amma masu kaiwa tsufa sun ragu sau huɗu. Lambobin na misali ne, na zaɓe su don saukin lissafi, amma hikimar ba tawa ba ce, wani Bature masanin cutar mai suna George Macdonald ne ya shimfiɗa ta tun shekarun 1950, kuma a kanta aka gina feshin bangon ɗaki da sange mai magani.

Yanzu ku dubi abin da ta rubuta a tambaya ta biyu game da sange: "yana hana sauro cizon mutum." An ba ta maki cikakke. Rabin amsa ne. Sange mara magani ma yana hana cizo, in bai yage ba. Mai magani yana gajarta ran sauro ne, don haka yana kare har maƙwabcin da ba shi da shi, muddin yawancin gidajen unguwar suna ɗaurawa. Ma'aikaciyar da ta fahimci wannan ba za ta tsaya ga miƙa sange ta sa hannu a rajista ba. Za ta damu in ta ga an kewaye lambu da shi, ko an wanke shi da ruwan zafi an shanya a tsakar rana, don ta san maganin ne ake kashewa. Za ta faɗa wa mata a wanke shi a hankali, a shanya a inuwa, a ɗinke inda ya yage, kuma bayan kamar shekara uku ƙarfinsa ya tafi. Za ta kuma gane abin da ake nufi in aka ce sauron yankinmu ya fara jure maganin da aka daɗe ana sa wa sange, har ake kawo sababbi masu haɗin magani biyu. Mu ma mun san halinmu: da zafi ya matsa kowa tsakar gida yake shimfiɗa tabarma, sange yana rataye a ɗaki yana gadin gado. Anofel kuwa cikin dare take aikinta, tun daga bayan magariba har asuba, ba ruwanta da ko ɗaki kake ko waje.

Kuka na biyu ya fi yi mini ciwo, don na ga illarsa da idona. A jerin da yaran suka rubuta, layin farko a takardu huɗun nan shi ne: a share kwata, a kwashe shara, a sare ciyawa. Tsafta abu ne mai kyau, ba ni da ja. Amma sauron da yake ƙyanƙyashewa a baƙin ruwan kwata da ramin wanka da masai galibi kuleks ne, mai kuka a kunne ya hana barci, kuma ba ya ɗaukar wannan cuta. Anofel ɗinmu ta fi son ruwan sama da ya kwanta a fili, mara zurfi, wanda rana take duka, ko da ya yi jan laka: kududdufin da aka haƙa don ginin ƙasa, ramukan masu buga tubali, sawun kofaton shanu a bakin tabki, wurin da tayar mota ta lotsa hanya, da kwarmin duwatsun nan namu da suke riƙe ruwa bayan an ɗauke sama. Wata shekara a wani ƙauye da na yi aiki, an tara samari ranar Lahadi aka yi gayyar tsafta, aka yashe magudanai har hannuwa suka yi kanta. A bayan gari kuwa ga ramukan tubali cike da ruwa, babu wanda ya kalle su. Da kaka ta zo likita ta cika kamar kullum, mutane suka ce ashe maganar ma'aikata iska ce. Laifina ne a lokacin, don ni ma abin da aka koya mini ke nan.

Bambance su ba ya buƙatar na'ura. Ludayi fari ko farar roba ta isa. A ɗebo ruwan sama-sama a hankali, kada inuwarka ta faɗa kansa don tsutsotsin za su nutse. Tsutsar anofel tana kwanciya ne miƙe a ƙarƙashin fatar ruwa, kamar tsinke yana iyo. Ta kuleks tana rataye kai ƙasa, da ɗan bututun numfashi a wutsiyarta yana taɓa saman ruwa. Babban sauron ma haka: anofel in ta sauka a bango tana ɗaga gindi sama kamar an soka ƙaya a karkace, kuleks kuwa jikinsa yana bin bango, ya ɗan yi doro. Na tambayi yaran huɗu, babu wadda ta taɓa ganin tsutsar sauro da sanin cewa ita ce, ga shi kuwa ba sai an yi tafiya ba kafin a samu ruwan kwance a Zinder cikin watan Agusta.

A nan ma kwanaki ne suke yanke hukunci. Daga ƙwai zuwa sauro mai fiffike, a zafinmu, kwana 7 zuwa 10 ne. Ruwan da ya kwanta kan rairayi ya tsotse cikin kwana uku ko huɗu ba ya haifar da kome, tsutsar tana mutuwa tare da shi. Wanda ya kwana bakwai shi ne abin nema. Ma'aikacin da ya san haka zai zagaya gari sau ɗaya a mako, ya lura da ramin da bai bushe ba tun zagayen da ya wuce, ya sa a cike shi da ƙasa ko a yanka masa hanya. Kuma a gaya wa yaran iyakar abin. Babban tabki ba ya cikuwa da shebur, dabbobi ma suna sha, masu tubali suna ci da shi. Zuba maganin tsutsa yana aiki ne inda wuraren ruwan kaɗan ne, ba sa canzawa, kuma an san inda suke. A tsakiyar damina, lokacin da kowane sawun saniya ya zama gidan ƙwai, ba ya maye gurbin sange.

Sun kuma rubuta a rufe randuna da tanki. Wannan a bar shi, amma a faɗi dalilinsa daidai. Irin anofel da muka saba da ita ba ta cika damuwa da randa ba. Sai dai akwai wata baƙuwa daga Asiya, anofel sitefensi, wadda aka fara gani a Jibuti a 2012, aka kuma same ta a jihar Gombe ta Najeriya a 2020. Ita a tanki da rijiyar siminti da duro take ƙwai, rani da damina. Garin da ƙarancin ruwa ya koya wa kowane gida ajiye ruwa kamar namu ya kamata ɗalibansa su san sunanta.

Na ce wa ɗiyar tawa mu haɗa zanen biyu kan kalanda, mu gani. An yi ruwa mai ƙarfi ranar 1 ga Agusta, ramin tubali ya cika. Ranar 2 anofel ta zuba ƙwai. Wajen 11 ga wata sababbin sauro suka tashi. Ranar 13 ɗaya ta sha jinin wani magidanci da yake ɗauke da gametosit, shi kuwa garau yake, ko ciwon kai ba ya yi, don manya da yawa a ƙasarmu suna ɗauke da ƙwayar ba tare da zazzaɓi ba, kuma a jikinsu take ƙetare rani. Ranar 25 ƙwayar ta isa miyan sauron, a daren ta ciji yarinya 'yar shekara uku. Wajen 4 ga Satumba jikin yarinyar ya yi zafi. Zuwa tsakiyar Satumba ita ma tana iya ba sabon sauro. Fiye da wata guda ke nan tsakanin ruwan da zazzaɓin, kuma kowane zagaye yana hawa kan na baya. Ga dalilin da ya sa layi yake tsawo a likita lokacin da gero ya nuna, cikin Satumba da Oktoba, ruwa yana ja da baya amma gadaje suna cika. Mutanenmu suna ɗora wa sabon hatsi ko ɗanyar masara laifi. Ba za ka raba su da wannan zato da tsawa ba, sai ka iya ƙirga musu kwanakin a yatsa.

A kan wannan kalanda ne maganin rigakafin damina da ake kira CPS yake samun ma'ana, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawararsa a 2012 don ƙasashen Sahel. Ana ba yara daga wata 3 zuwa wata 59, sau ɗaya a wata, kwana uku a jere. Masu rabawa suna ba da na ranar farko a gabansu, na rana ta biyu da ta uku a hannun uwa yake. Kariyarsa kamar mako huɗu ce, shi ya sa ake dawowa bayan kwana 28. Da yarinyar nan ta sha nata cikakke a tsakiyar Agusta, da ƙwayoyin sun fito daga hanta sun tarar da magani yana jiransu a jini. In uwa ta ajiye na kwana biyun don ɗaci ko don yaro ya yi amai, ko aka tsallake zagayen Satumba don an ga ruwa ya ɗauke, an buɗe ƙofa daidai lokacin da tsofaffin sauro suka fi yawa. A takardu huɗun nan babu wadda ta ambaci CPS, saboda an ce musu hanyoyin yaƙi da sauro, shi kuwa ba sauro yake kashewa ba. Tsarin tambayar ne ya fitar da shi waje, alhali waɗannan yara su za a ba jaka su shiga gida-gida da shi.

Saboda haka, malamaina, ga roƙonmu.

Ku haɗe tambayoyin nan biyu su zama ɗaya. Kowace kibiya a zanen ta ɗauki kwanakinta, kuma duk matakin da ɗalibi ya lissafo, ya nuna da yatsa inda yake yanke zagayen: wannan tsutsa yake kashewa, wannan ran babban sauro yake gajartawa, wannan cizo kawai yake tarewa, wannan ƙwayar da ke jini yake jira. Wanda ya rubuta share kwata a tambaye shi wane sauro yake nufi, kada a ba shi maki don rubutunsa ya yi kyau.

Ku sa labarin mara lafiya guda a cikin aikin, mai ranaku, irin na yaron da ya zo daga ƙauye ko irin kalandar da na kawo, a ce ɗalibi ya lissafa baya ya faɗi makon da aka yi cizon. Lissafin sauro 100 ma ba ya cin rabin awa a allo.

Ku fitar da su waje ko sau ɗaya tsakanin Agusta da farkon Oktoba. Ludayi, farar roba da kwalba mai murfin yadi su ne kayan aikin. Kowane rukuni ya ɗebo daga kwata guda da ramin ruwan sama guda, su rubuta inda suka ɗebo da kwana nawa ruwan ya yi, su ajiye tsutsar a aji har ta fashe su ga abin da ya fito. In lokacin ya faɗa cikin hutu, a ba su shi aikin hutu, kowa ya yi a garinsu.

Na ƙarshe, a ware wani kaso na makin don bayani da Hausa. Jarrabawa da Faransanci ake yi, mun sani, amma matar da za ta zauna gabansu a Mirya ko Magarya ko Tanut ba da shi za ta yi tambaya ba. Ɗalibi ya tsaya minti uku ya bayyana wa ajin, kamar ga uwa yake magana, dalilin da zai sa ta ba da maganin rana ta biyu da ta uku.

Mu tsofaffin ma'aikata muna nan cikin gari, da yawanmu ba abin da muke yi sai zaman majalisa. In kuna son mai raka yara bakin ramukan tubali, ku aiko, ba ma neman ko dala. Na san inda ruwa yake daɗewa a bayan Birni, kuma ludayina yana nan.

Allah ya huci zuciyarku in na yi kaushi. Wassalam.

Naku,
Tsohon majo, a madadin wasu iyayen ɗalibai
Birni, Zinder